Kajin Nama, Kajin Ƙwai ko Masu Kiwon Sake: Da Wanne Mai Ƙaramin Jari Zai Fara?

Mai shirin fara kiwon kaji da tsaki ɗari yakan tsaya tsakanin hanyoyi uku: buroila, wato kajin nama, da ake sayarwa cikin mako shida zuwa bakwai, kajin ƙwai da sai an yi wata huɗu zuwa biyar ana ciyar da su kafin a ga ƙwan fari, da kuma kajin da aka inganta don nama da ƙwai, masu iya fita kiwo. Dukansu ana cin riba, dukansu ana faɗuwa. Bambancin yana wurin da kuɗin mutum ke kwana, da tsawon kwanan da zai yi, da abin da zai same shi idan ranar sayarwa ta zo mai saye bai zo ba.

Ba zan sa farashi da kuɗi ba, domin farashin da na rubuta yau zai tsufa kafin wata ya ƙare. Zan yi lissafi da abincin kajin kansa, tunda shi ke cin kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa. Duk inda na ce "awo ɗaya", ina nufin kuɗin kilo ɗaya na abinci. Ka raba kuɗin buhu da nauyinsa, ka sami awonka, sai ka mayar da lissafin zuwa kuɗin da ke aljihunka. Farashin sayarwa da na sa a misalan na misali ne kawai, ka musanya shi da na kasuwarka kafin ka yanke hukunci.

Abubuwan da za a auna

Na farko, jarin da za a zuba kafin kuɗi ya fara dawowa. Na biyu, tsawon jiran. Na uku, mutuwa, kuma a nan lokacin da kazar ta mutu ya fi yawan waɗanda suka mutu muhimmanci. Na huɗu, wahalar kulawa. Na biyar, wanda sababbin shiga suka fi mantawa da shi: kwana nawa za ka iya riƙe hajarka idan kasuwa ta ƙi? Ban sa ginin ɗaki, mazubin abinci da na ruwa, ko ladan wahalar mai kiwo a lissafin ba. Ribar da za ka gani a ƙasa ita za ta biya waɗannan, don haka kar a yi mata kallon kitse.

Buroila

Irinsu Cobb 500 da Ross 308 an yi su ne don abu ɗaya, mayar da abinci nama da sauri. A takardar masu ƙyanƙyasa sukan haura kilo biyu da rabi a kwana 42. A ɗakin sabon makiyayi, inda zafi ke hawa da sauka kuma abinci ba kullum yake da inganci ɗaya ba, ya fi kyau a yi lissafi da kilo 2.2 a mako shida zuwa bakwai, kowace kaza ta ci kilo huɗu da ɗoriya.

Ga lissafin tsaki ɗari. Sayen tsaki, awo 150. Abinci, awo 410. Rigakafi, ɗumama ɗaki, shimfiɗar ƙasa, ruwa da sufuri, awo 70. Jimla 630. A ce biyar sun mutu, 95 sun kai kasuwa da kilo 2.2 kowace, kilo 209 ke nan. Idan ana sayen kilo a awo 3.5, an sami kusan 730. Riba ta tashi awo 100, wato kusan kashi 16 cikin ɗari na jari. Wannan shi ne kiwon da ya tafi lafiya, ba wanda ya sami matsala ba.

Yanzu a duba abin da ke cikin wannan lissafi. Kowace kaza da ta isa sayarwa tana kawo awo 7.7, amma ribarta awo ɗaya ce da ɗan kai. Tsakon da ya mutu a makon farko ya tafi da kuɗin sayensa da ɗan abin da ya ci, abin da bai wuce awo biyu ba. Wadda ta mutu a mako na shida kuwa ta riga ta cinye abincinta kaf, ta tafi da awo 7.7 da za ta kawo, ribar 'yan'uwanta bakwai ke nan. Sai ka sayar da kaji 82 kafin uwar kuɗi ta dawo. Kaji 13 na ƙarshe su ne ribarka gaba ɗaya. Rana ɗaya ta tsananin zafi da ruwa ya yanke tana iya ɗauke su.

Mutuwar buroila tana zuwa a zango biyu. Zangon farko makon farko ne, kuma galibi laifin ɗumi ne ko tsakin da suka zo a galabaice. Ana so ƙasan ɗakin raino ya kai digiri 32 zuwa 33 a ranar farko, a riƙa rage kusan digiri uku kowane mako. Ko babu ma'auni tsakin za su gaya maka: idan sun dunƙule ƙarƙashin wuta suna ta tsiwa, sanyi ne, idan sun watse jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa, idan sun taru gefe ɗaya, iska ce ke shigowa ta wata kafa. Bayan kwana ɗaya da isowarsu ka ɗauki goma ka taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuyansu. Ya kamata kusan dukansu su cika, su yi laushi. Wadda ka ji wayam, wannan tsako bai gano abinci ba. Mutuwar da ta wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari a makon farko alama ce ta a binciki wani abu.

Zango na biyu daga mako na uku ne zuwa sama, kuma shi ne mai tsada. Ciwon Gumboro yakan buga tsakanin mako uku da shida, kaji su yi zugum, gashi a tashe, kashi fari ruwa-ruwa. Kashin jini yana bin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, musamman kewayen mazubin ruwa. Idan ka durƙusa daidai tsayin kaza ka ji wari yana yi maka yaji a ido, su sun daɗe suna shaƙarsa. Cutar Nukasil mai saurin yaɗuwa kuwa ba ta da magani, rigakafi ne kaɗai. Sai zafi, wanda ya fi kashe manya masu ƙiba, waɗanda ka fi sa rai da su. Kar a wuce kaza goma a murabba'in mita ɗaya, a lokacin zafi ma takwas ta fi.

Babban raunin buroila shi ne ba ta jiran kasuwa. A mako na bakwai kowace tana cin kusan giram 190 a rana, 95 za su cinye kilo 18 kullum. Kwana goma na jira awo 180 ne. Idan kasuwarka da sikeli ake saye, ƙarin nauyin da suka yi zai iya biyan abincin da kyar. Idan kuwa da ido ake saye, a ɗaga kaza a faɗi kuɗinta, ƙarin nauyin ba ya ƙara kuɗi yadda ya kamata, ribar awo 100 ta koma faɗuwar 80.

Na ga wannan da idona a zubina na biyu. Wani mai gidan abinci ya yi mini alkawarin kwashe kaji sittin ranar da suka cika mako shida, ni kuma ban karɓi kafin alkawari ba, ban nemi wani mai sayen ba. Ranar ta zo ya ce a ƙara masa kwana uku, ukun suka zama tara. Kullum da safe in buɗe buhu in ga ya yi ƙasa, a kwana na shida na tarar da biyu mafiya girma a kwance rigingine, ƙafafu sama, sun mutu ba tare da wata alamar ciwo ba. Da na gaji na kira dillali, shi kuma da ya leƙa ɗakin ya ga girmansu da ragowar rabin buhu a lungu, ya san ni ke da buƙata. Farashin da ya faɗa shi na karɓa.

Kajin ƙwai

Irinsu ISA Brown, Lohmann Brown da Hy-Line Brown sukan fara ƙwai a mako 18 zuwa 20, su kai ƙololuwa wajen mako 26 zuwa 30, inda kaji ɗari kan ba da ƙwai casa'in ko fiye a rana, daga nan abin ya riƙa raguwa a hankali. Galibi ana sayar da su tsakanin mako 72 da 80.

Kafin ƙwan fari, tsaki ɗari za su ci awo 200 na saye, 750 na abinci, 150 na rigakafi da sauran hidima, domin jadawalin rigakafinsu ya fi na buroila tsawo nesa ba kusa ba. Awo 1,100 ke nan a kwance wata huɗu da rabi, ko sisi ba ya shigowa. A nan mutane da yawa ke karyewa. Kuɗi ya ƙare a mako na 14, a fara rage abinci ko a cakuɗa shi da dusa, kajin su isa lokacin ƙwai ba su kai nauyi ba, su makara, kuma ba za su taɓa kai ƙololuwar da aka yi lissafi da ita ba.

A ce 95 sun fara ƙwai, bayan shekara 85 suka rage, matsakaici 90. Kowace tana cin kusan giram 115 a rana, a shekara awo 3,800 ke nan, da wasu 300 na magani, kiret da fashewar ƙwai. Idan kowace ta ba da ƙwai 280, an sami 25,200, kiret 840 mai talatin-talatin. A awo 6.5 kowane kiret, 5,460. Cire abinci da hidima, saura 1,360. Cire jarin raino, saura 260. Sai a sayar da tsofaffin kaji 85 a awo biyar-biyar, 425. Ribar wata 17 ta tashi kusan 685.

Abubuwa biyu ne suka fito fili. Fiye da rabin ribar tana jikin tsofaffin kajin da za a sayar a ƙarshe, ba a cikin kiret ba. Sannan kuɗin ƙwai da ke shigowa kullum yana da yaudara: mutum ya ga kuɗi a hannu ya ɗauka riba ce, alhali wata tara zuwa goma na farko bashin raino yake biya, kuma daga cikinsa ne zai sayi tsakin da za su maye gurbin waɗannan. Idan farashin kiret ya sauka da rabin awo kacal, awo 420 sun tafi, riba ta koma 265.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata mai kajin ƙwai ya riƙe a ka. Kaji ɗari suna cin awo 11.5 a rana, kuma a wannan farashi ƙwai 53 ne ke biyan abincin kaɗai. Da zarar abin da ake tsinta ya doshi sittin cikin ɗari, lokacin sayar da garken ya matso. Kafin nan ma ana tsame masu ci ba sa biya. Kazar da ke ƙwai zankonta ja ne, cike, da ɗumi, kuma yatsu biyu zuwa uku na shiga tsakanin ƙasusuwa biyu da ke gefen duburarta. Wadda ta daina, zankon ya ƙanƙance ya koɗe, yatsa ɗaya ne ke shiga. A fitar da ita, sabo da kaza ba ya hana yanka.

Wahalarsu ta yau da kullum ce, babu hutu. Suna son haske na awa 16 a rana, ruwa mara yankewa, da abinci mai wadataccen sinadarin ƙashi don ɓawo. Yini ɗaya babu ruwa, ko canjin abinci farat ɗaya, yana iya zubar da ƙwai na mako biyu. Kuma tsawon zamansu yana nufin tsawon buɗe ƙofa ga cuta. Murar tsuntsaye idan ta shiga, garken ne gaba ɗaya. Inda suka fi buroila shi ne haja: ƙwai ba ya cin abinci. A wuri mai sanyi da inuwa zai yi mako biyu yana jiran mai saye, a lokacin zafi ƙasa da haka.

Masu kiwon sake

Su ne irinsu Sasso da Kuroiler, masu launi, waɗanda suka fi kajin gida saurin girma amma ba su kai buroila ba. Zakaru kan kai kilo biyu a mako 12 zuwa 16, matan kuma su yi ƙwai fiye da kazar gida, ƙasa da kazar ƙwai.

Ribarsu ta rataya ne kan abincin da ba ka saya ba. Tsaki awo 120, hidima 60, abincin saye 450 idan bayan rainon mako huɗu zuwa biyar suna fita su yi tone-tone su cike cikinsu da ƙwari, ganye da ragowar amfanin gona. Jimla 630. Idan 85 suka kai, aka sayar a awo tara kowace, 765 ke nan, riba 135 cikin mako 14 zuwa 16. Ka kulle su a ɗaki ka ciyar da su daga buhu kaɗai, kowace za ta ci fiye da kilo bakwai, ribar ta ɓace ko da mutuwar ta ragu. Wanda ba shi da fili ya manta da wannan zaɓi.

Ana yawan cewa ba sa mutuwa. Suna mutuwa, ta wata hanyar ce dabam: shaho, muzuru, kare, ɓarawo, tsutsar ciki, da Nukasil da suke kwasowa wurin kajin maƙwabta, wadda kan share garken da ba a yi wa rigakafi ba cikin 'yan kwanaki. Ana maimaita musu rigakafinta duk wata uku zuwa huɗu. Abin da suke da shi wanda sauran ba su da shi shi ne haƙuri. Idan kasuwa ta faɗi, sai a bar su su ƙara mako uku suna kiwo, ba su faɗuwa matattu don ƙiba, ana kuma sayar da su ɗaya-ɗaya.

| Ma'auni (tsaki 100) | Buroila | Kajin ƙwai | Masu kiwon sake |
|---|---|---|---|
| Jari kafin kuɗin farko | awo 630 | awo 1,100 | awo 630 |
| Kuɗin farko | mako 6 zuwa 7 | mako 18 zuwa 20 | mako 12 zuwa 16 |
| Asarar kaji a misalin | 5 | 15 cikin wata 17 | 15 |
| Riba a misalin | awo 100 a zubi | awo 685 a wata 17 | awo 135 a zubi |
| Jure jiran kasuwa | kwana kaɗan | ƙwai, kusan mako 2 | makonni |
| Wahala | mai tsanani, gajera | matsakaiciya, kullum | sauƙi bayan raino |
| Babban haɗari | zafi da makarar sayarwa | ƙarewar jari, faɗuwar farashin ƙwai | namun dawa, sata, Nukasil |

A wata 17 ɗin da kajin ƙwai ke ba da 685, mai buroila zai iya zubi takwas idan yana barin ɗaki ya huta mako biyu tsakanin zubi da zubi bayan wanki. A takarda 800 ke nan. Amma ban san wanda ya yi zubi takwas a jere duk lafiya ba. Ɗaya ya lalace, sun zo kunnen doki.

Lokacin sayarwa

Daga ranar sayarwa ake ƙirgowa baya, ba daga ranar da kuɗi ya shigo hannu ake ƙirgawa gaba ba. Mai son buroila ta isa lokacin wani biki da ake cin nama da yawa, ya ɗauki ranar, ya koma baya mako bakwai, nan ne ranar karɓar tsaki, odar kuma tun kafin nan da makonni. Sai dai kowa ya san da bikin. Tsaki kan yi tsada a daidai wannan lokacin, kuma duk wanda ya zuba tare da kai zai fito kasuwa tare da kai. Ni na fi son kajina su isa kwana biyar zuwa bakwai kafin cunkoso, in fara da manyan, domin abin da ya kwana bayan biki a wulaƙance ake sayensa. Tun mako na huɗu ake neman masu saye, fiye da ɗaya, kuma wanda ya ce zai kwashi da yawa ya ba da wani abu a hannu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Fara sayarwa daga mako na biyar da rabi yana rage cunkoson ɗaki, ya rage cin abinci, sauran su sami sarari. A kuma kula da magani: kowane maganin ƙwayoyin cuta yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka kaza ko a sayar da ƙwai, an rubuta a jikin kwalinsa. Bayar da shi a makon ƙarshe yana iya tura ranar sayarwa gaba. Haka nan kar a tsara zubin da makonsa na shida zai faɗo tsakiyar watan da ya fi zafi, sai in an rage yawansu.

Ga mai kajin ƙwai, bikin na tsofaffin kaji ne. Idan garken ya kai mako 70 kuma lokacin tsadar nama na tafe, gara a sayar da su a lokacin, ko da sauran ƙwai a jikinsu, da a jira wata biyu a sayar da arha.

Wa ya dace da wanne

Mai ɗan jari da ke son koyo da sauri, yana kuma da masu sayen da ya sani da suna, ya fara da buroila, amma hamsin ba ɗari biyu ba, ya ajiye kuɗin abincin ƙarin mako ɗaya a gefe tun kafin tsaki su iso. Wanda ke da wata hanyar samun kuɗi da za ta riƙe shi wata biyar, da wanda zai tsaya kan kajin kullum, da masu shaguna ko masu gasa burodi da za su riƙa karɓar ƙwai kowane mako, kajin ƙwai sun fi masa. Idan yana tsoron raino ya sayi masu dab da fara ƙwai, ya nemi takardar rigakafinsu, ya auna nauyin wasu kafin ya biya. Mai fili da shinge da ragowar amfanin gona, wanda kasuwa ke nesa da shi ko ba ta da tabbas, masu kiwon sake ne nasa. Wanda kuwa jarinsa bashi ne mai wa'adin wata uku, kajin ƙwai ba su cikin lissafinsa, domin wa'adin zai cika kajin ba su yi ƙwai ko ɗaya ba.